Ido uku a bayan waya ba shaida ba ne

Da zarar an yanke shinkafa a Kura da Bunkure, ko kwandunan tumatir sun fara tashi daga Kwanar Gafan, kuɗi kan shigo hannun matasan da suka sha wahalar noman rani a filayen Kadawa, kuma waya na cikin abin da ake fara saye. Da yawa ba sa zuwa kasuwar Farm Centre da ke Kano da ƙafarsu. Dillali ne zai turo hoto ta WhatsApp, a yi ciniki, a tura kuɗi, direba ya kawo saƙo. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, hoto yana iya tabbatar masa cewa wayar da ke ciki ba ita ce aka faɗa masa ba, amma ba ya iya tabbatar masa cewa ita ce.

A ɗauki misalin da ya zama ruwan dare a kasuwannin waya na Najeriya. Ana ɗauko iPhone XR, wadda ta fito a 2018 da kyamara ɗaya tak a baya, a kwashe kayan cikinta a zuba su cikin sabon kwanso mai kamar na iPhone 13 Pro ta 2021. A hoto za ka ga idanu uku reras, alhali ɗaya ne kawai ke ɗaukar hoto, biyun kwalliya ne. To ta ina asiri ke tonuwa? Ta wuraren da kayan ciki ne ke da iko da su, ba kwanso ba. Na farko shi ne mazubin layi. Idan kana kallon fuskar waya, XR da iPhone 11 mazubinsu na dama ne, ƙasa da maɓallin kunnawa, amma a iPhone 12 da 13 ya koma hagu, ƙarƙashin maɓallan ƙara sauti. Duk wayar da aka kira 13 Pro aka ga mazubinta a dama, magana ta ƙare. Sai dai a kula: hoton baya yana juya hagu da dama, haka ma hoton da aka ɗauka ta madubi, wanda ake ganewa idan rubutu ko tambari ya fito a juye. Na biyu ita ce fuska. Baƙin layin da ya zagaye gilashin XR ya fi kauri, kuma baƙin gurbin da ke sama ya fi faɗi, domin a jerin 13 an rage shi. Shi ya sa dillalin da ke turo hoton baya kaɗai, ko fuska a kashe, ya cancanci a sake tambayarsa.

Wani zai ce mu nan Tecno da Infinix da itel muke riƙewa, ina ruwanmu da wannan? Ai a nan ma lamarin ya fi rikitarwa, domin kamfani ɗaya kan fitar da 'yan gida ɗaya masu kusan baya iri ɗaya. Spark 10 da Spark 10 Pro na 2023 sai an juyo fuskarsu ake saurin rabewa: kyamarar gaban Pro ƙaramin rami ce a cikin gilashi, ta ɗayar kuwa tana cikin gurbi mai kamar ɗigon ruwa. Girman ma'adana da ƙarfin waya kuwa, babu hoton waje da zai nuna su. Rubutun da ke baya ma ba abin dogaro ba ne, tunda murfi ana canza shi, kwali kuma kowa na iya ɗauko na wata wayar.

Wani kuma zai ce dillalinsa mutumin kirki ne, sun daɗe tare. Yana iya zama haka, amma shi ma a hannun wani ya karɓo. Neman ƙarin shaida ba zargi ba ne. A roƙe shi bidiyo guda wanda ba a yanke ba: ya nuna baya ba tare da riga ba, da gefe biyu, da ƙasa, sannan ya kunna ta. Idan iPhone ce ya shiga Settings, General, About, inda sunan samfurin yake. Ya buɗe kyamara: 13 Pro ta gaskiya tana nuna maɓallan 0.5 da 1 da 3, XR kuwa ba ta da su. Ya danna *#06# lambar IMEI ta fito, a rubuta ta, domin lambobi takwas na farko su ne ke nuna samfurin waya. Ranar da direba ya kawo saƙo a sake danna *#06# a gwada lambar da ta fito da wadda aka rubuta, kafin a tura cikon kuɗi.