Hoton Ya Fito, Amma Rubutun Ba Ya Karantuwa: Haɗa Laftof da Majigi

Duk wanda ya saba halartar bita, ko ya taɓa zama a ɗakin da ɗaliban jami'a ke kare kundin bincikensu, ya san irin jiran da ake yi kafin a fara. An jona waya, majigi ya kama, amma ko dai bango ya tsaya shuɗi da rubutun No Signal, ko hoton fuskar kwamfuta ya fito babu takardar da ake son nunawa, ko kuma komai ya fito amma rubutun ya yi dishi-dishi har na sahun gaba ma sai ya ƙanƙance ido. Nan take sai a ɗora wa waya laifi, a aika a nemo wata. Wani lokacin wayar ce da gaske. Amma galibi laifin yana wani wuri dabam: allon laftof da majigi ba awonsu ɗaya ba, ga shi an tilasta musu su nuna abu ɗaya.

Hoton da ke kan kowane allo tarin ƙananan ɗigo ne a jere, kuma kowace na'ura da adadin ɗigon da aka ƙera ta da shi, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Yawancin laftof na yanzu suna da ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsaye. Tsofaffi, irin na hannu da suka cika kasuwa, da yawansu 1366 ne da 768. Shi kuwa majigin da aka daɗe da saye a makarantu da ofisoshi, sau da yawa 1024 ne da 768, wanda ake rubuta wa XGA a takardarsa, ko 1280 da 800, wato WXGA. A lura da wata dabara ta 'yan kasuwa: kwali zai iya cewa majigi yana karɓar 1080p, alhali ɗigonsa na ainihi bai kai haka ba. Karɓa yake yi ya matse. Lambar da za a nema ita ce wadda ke gaban kalmomin Native resolution.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Malama tana da laftof mai 1920 da 1080, majigin ɗakin taro kuma XGA ne. Ta jona waya, Windows ya shiga tsarin da ake kira Duplicate, wato abin da ke kan laftof shi ne a bango. A wannan tsari hoto ɗaya ake aika wa alluna biyu, saboda haka dole awo ɗaya ya ishe su, kuma dole ɗayansu ya cutu. Idan aka tsaya a kan awon laftof, majigi zai karɓi faɗin ɗigo 1920 ya cusa shi cikin 1024. Kowane harafi ya koma rabin ɗigonsa da ɗan ɗoriya ke nan. Tsayin hoton zai sauko zuwa 576, a bar layi 192 babu komai, 96 a sama, 96 a ƙasa, shi ne baƙin zanen nan da ake gani. Manyan haruffan kanu za su tsira. Amma idan ta buɗe jadawalin Excel, siraran layukan da kaurinsu ɗigo ɗaya ne wasu za su dushe, wasu su ɓace, lamba 3 da 8 su zama kamar tagwaye. Idan kuma aka sauko kan awon majigi, bango zai yi kyau, amma allon laftof ɗinta zai tsuke, baƙi ya fito dama da hagu, ko kuma hoton ya miƙe, da'ira ta koma siffar ƙwai.

Mutane kan yi ta murɗa zoben gilashin majigi suna neman hoton ya washe. Zoben nan maganin wata cuta ce dabam. Ga yadda ake bambancewa: a danna maɓallin Menu a jikin majigi. Idan rubutun menu ɗin ya fito tas amma na kwamfuta yana dishi-dishi, gilashi ba shi da laifi, matsalar awo ce. Idan har menu ɗin ma ya dushe, to a murɗa zobe.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne a raba auren. A danna maɓallin Windows tare da harafin P, zaɓi huɗu za su fito a gefen allo: PC screen only, Duplicate, Extend da Second screen only. A zaɓi Extend. Yanzu majigi ya zama ƙarin fili a gefen allon laftof, kuma kowanne yana iya zama a kan awonsa. Daga nan a danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta a fili inda babu komai, a shiga Display settings. Za a ga akwatuna biyu, 1 da 2. Maɓallin Identify zai haska lamba a kowane allo don a san wane ne wane. A danna akwatin majigi tukuna, domin kuskuren da aka fi yi shi ne sauya awo alhali akwatin laftof ne a zaɓe. A gangara zuwa Display resolution, a ɗauki 1024 × 768, wanda yawanci za a ga an rubuta Recommended a gefensa. Windows zai tambaya ko a bar sauyin, ya jira daƙiƙa 15. Idan bango ya yi baƙi, kada a taɓa komai, zai koma yadda yake da kansa.

Extend yana da nasa ruɗanin, kuma shi ne ke sa a ce majigi ya ƙi nuna takarda. Bango zai nuna hoton bayan allo kawai, domin duk abin da aka buɗe yana nan a allon farko. Sai an ja tagar da linzami an fitar da ita ta gefen dama, ko a danna Windows da Shift da kibiyar dama a tare, ta tsallaka a take. Idan linzami ya ƙi fita ta dama, a gwada hagu, ko a koma wajen akwatunan nan biyu a ja su a jera yadda allunan suke a zahiri, sannan a danna Apply. Mai aiki da allo na biyu a kan teburin ofis shi ya fi bukatar wannan, don babu abin takaici kamar allo yana hannun hagunka, linzami kuma sai ta dama yake shiga cikinsa.

PowerPoint ma kan jefa mutum cikin Extend ba tare da ya nema ba. Idan an sa alama a Use Presenter View, a ƙarƙashin Slide Show, da zarar an fara gabatarwa sai ya raba allunan: jama'a su ga shafin, mai magana ya ga bayanansa da shafi na gaba. Abu ne mai amfani ƙwarai, sai dai idan mai gabatarwa ya buɗe wani bidiyo ko wata takarda a tsakiyar magana, shi kaɗai yake gani, yana ta bayani jama'a na kallon tsohon shafi. Wani lokacin kuma allunan kan juye, bayanan sirrin mai magana su fito a bango. Gyaransa yana saman allon mai gabatarwa, a Display Settings, inda akwai Swap Presenter View and Slide Show. Malamar misalinmu tana da sauran aiki guda: shafukanta masu faɗi ne, 16:9, majigin kuwa 4:3 ne, don haka baƙin zanen sama da ƙasa zai dawo ko da awo ya daidaita. Idan ta san ɗakin tun da wuri, sai ta shiga Design, Slide Size, ta zaɓi Standard, ta sake duba shafukan ɗaya bayan ɗaya tun a gida.

Ba wai Duplicate ba shi da rana ba. Mai koyar da yadda ake sarrafa wata manhaja, wanda ke son hannunsa da idon ɗalibai su kasance wuri ɗaya, shi ya fi dacewa da shi. Sai dai ya sauko da awon zuwa na majigi, ya haƙura da tsukewar allonsa na awa ɗaya. Allon da jama'a ke kallo shi ya kamata a fifita.

To idan awon da ya dace bai fito a jerin ba fa? Nan ne waya ke shigowa. Da zarar an jona, majigi kan aika wa kwamfuta ɗan bayani game da kansa: sunansa da awon da yake iya ɗauka. Ana kiran bayanin EDID. Idan ya iso, a Advanced display yawanci za a ga sunan majigin ko lambar samfurinsa. Idan bai iso ba, Windows lalube yake yi, ya ba da 'yan zaɓi kaɗan, ko ya aika abin da majigi ba zai iya ba, bango ya rubuta Out of Range. Abin da ke tare bayanin yawanci doguwar wayar VGA ce mai arha, mai shuɗin kan nan da allurai 15, ko akwatin raba hoto, ko adafta. A gwada gajeruwar waya kai tsaye, sannan a tabbatar gudun sabunta hoto yana kan 60 Hz a wannan shafin na Advanced display. VGA tana da wasu alamomin nata: idan hoton ya rine ya koma ruwan hoda ko ɗorawa, allura ɗaya ce ta lanƙwashe ko kan bai zauna ba, a ɗaure kusoshin nan biyu na gefe. Idan hoton ya goce gefe guda, maɓallin Auto a jikin majigi kan dawo da shi. Kuma VGA ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan, sai an nemi wayar lasifika dabam.

Adafta tana da fuska. Wadda aka yi don ɗauko hoto daga ramin HDMI na laftof zuwa majigi mai VGA ba ta aiki idan an juya ta, domin fassara sigina take yi daga wani iri zuwa wani, ta hanya ɗaya. Haka ma ramin USB-C: ba kowanne ke fitar da hoto ba, wasu caji da kwafar fayil kawai suka sani. A duba gefen ramin ko akwai alamar walƙiya ta Thunderbolt ko tambarin DisplayPort, in babu alama a duba takardar laftof ɗin kafin a kashe kuɗi.

Shi kuwa No Signal, sau da yawa majigi ne yake sauraron ƙofar da ba ta nan aka shigo ba: waya tana HDMI 2, shi yana jiran HDMI 1 ko Computer. A danna Source ko Input har a dace. Idan bai yi ba, a duba Windows da P kada ya kasance yana kan PC screen only, sannan a danna Detect a shafin Display. In abin ya ci tura, Windows da Ctrl da Shift da B a tare suna farfaɗo da sashen hoto na kwamfutar, allo zai ƙifta a ji ɗan ƙara. Wanda kuma ya zaɓi Second screen only ya wayi gari da baƙin allo ta ko'ina, ya zare wayar kawai, allon laftof zai dawo.

Masu jona laftof da talabijin suna da wata matsala tasu: gefunan hoto kan yanke, layin ƙasa mai agogo ya ɓace rabi. Sauya awo ba zai gyara ba, domin talabijin ɗin ce ke ɗan zuƙo hoton. A shiga saitin girman hoto da rimot a nemi Just Scan idan LG ce, ko Screen Fit ko Fit to Screen idan Samsung ce. A kan kwamfutar Mac kuwa, duk abin da aka faɗa game da awo yana nan daram, wurin saitin ne kawai ya koma System Settings, sannan Displays.