Kankana, shinkafa da makin da ke ruɗa masu ciwon suga

A shekarar 1981, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, wani likita mai suna David Jenkins da abokan aikinsa suka yi wani gwaji da ya sauya yadda ake maganar abincin masu ciwon suga. Kafin nan likitoci sun yi amanna cewa sukarin shayi nan take yake shiga jini, sitaci kuwa, irin na burodi da dankali, a hankali yake narkewa. Su Jenkins suka ce bari a auna a gani. Ga yadda ake gwajin har gobe: a samu mutum goma masu lafiya, su kwana ba su ci komai ba, da safe a ba kowa abincin da ke ɗauke da giram 50 na sitaci da suga, a riƙa huda yatsa ana auna jini har awa biyu. Wata safiyar kuma a ba su zallar gulukos giram 50. Gulukos ɗin aka ba maki 100, kowane abinci a gwada shi da wannan. Sakamakon irin wannan gwaji ya ba mutane mamaki: farin burodi ya kai wajen 75, sukarin shayi kuwa 65 ne. Wato burodin ya fi sukarin saurin ɗaga jini.

Wannan shi ne makin sauri, wanda za ku gani an rubuta GI a jadawalin da ke yawo a wayoyi. Daga 70 zuwa sama an ce mai yawa ne, 55 zuwa ƙasa kaɗan ne. A nan ruɗanin ya fara, kuma kankana ce ta fi shan zargi. Makinta 72 ne, kusan ɗaya da dafaffiyar farar shinkafa mai 73, saboda haka ake ce wa mai ciwon suga ko kallonta kada ya yi, musamman lokacin buɗa baki da azumi. To amma ku tuna sharaɗin gwajin: giram 50 na suga. Kankana kusan duk ruwa ce. Kafin a tara giram 50 daga cikinta sai mutum ya cinye fiye da rabin kilo, har ya doshi kilo guda, a zama ɗaya. Makin 72 labarin wannan tulin yake bayarwa. Yanka ɗaya da mai talla zai miƙo maka, mai nauyin giram 120, sugan da ke cikinsa bai wuce giram 6 ba.

Wannan giɓin ne masu bincike a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Walter Willett, suka cike a 1997 da makin nauyi, wanda ake rubutawa GL. Lissafinsa ba wuya: ka ɗauki makin sauri, ka ninka shi da giram ɗin sitaci da suga da ke cikin abin da ka zuba a kwano, ka raba da 100. Mu yi shi tare, a hankali. Kankana: 72 sau 6, a raba da 100, ya ba mu 4 da ɗan ɗoriya. Shinkafa kofi ɗaya, mai giram 45 na sitaci: 73 sau 45, a raba da 100, kusan 33 ke nan. A wannan ma'aunin 10 zuwa ƙasa shi ne kaɗan, 20 zuwa sama mai yawa. Kankana 4, shinkafa 33, alhali a makin sauri kafaɗa da kafaɗa suke. Kuma kofi ɗaya muka ce. Wane ne a cikinmu yake tashi daga kan shinkafa da kofi ɗaya? Saboda haka tambayar da ake yawan yi wa likita, wato ko ya halatta a ci abu kaza, rabin tambaya ce. Sauran rabin shi ne nawa za a ci, kuma da me za a haɗa. Rage shinkafar nan zuwa rabi, nauyinta ya dawo wajen 16. Cike gurbin da rabin kofin wake, wanda makin saurinsa wajen 40 ne, ka ƙara kamar 5. Garau-garau ɗin nan ya tsaya a 21 maimakon 33, ga shi kwanon bai ragu ba.

Wani zai ce, to ashe kankana ta kuɓuta, a ci son rai. A'a. Ma'aunin da ya wanke ta shi ne kuma zai kama ka: ka cinye kilo guda, nauyin ya wuce 30, ka dawo daidai da mai kofin shinkafa. Wani kuma zai ce, in haka ne a jefar da makin sauri gaba ɗaya. Shi ma ya yi gaggawa. Idan abinci biyu sitacinsu ɗaya ne, makin sauri ke nuna wanda ya fi sauƙi ga jini, kuma shi ke bayyana dalilin da ya sa shinkafar da aka dafe ta luguf aka tuƙa tuwo ta fi mai warwara saurin hawa, ayaba nunanniya ta fi wadda ba ta gama nuna ba. Bitar gwaje-gwaje da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2009 ta gano cewa bin abinci mai ƙaramin maki ya rage awon sugan wata uku da kusan rabin maki. Riba ce ta gaske, amma ba ta kai a ajiye magani ba. Inda nake da shakka shi ne masu tallar da ke ɗaga ƙaramin maki kamar shaidar lafiya: cakulan da askirim makinsu ƙasa yake, don kawai maiƙon da ke cikinsu yana jinkirta fitar abinci daga ciki.

Ƙorafi mafi ƙarfi kuwa ya shafi ma'aunan biyu ne, domin makin nauyi a kan makin sauri aka gina shi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka ba mutum 63 farin burodi iri ɗaya. Matsakaicin makin ya zo 62, amma a jikin wasu burodin ya faɗa rukunin kaɗan, a jikin wasu rukunin mai yawa, har mutum ɗaya ma yakan ba da sakamako dabam in an maimaita masa gwajin. Ƙari a kan haka, an auna waɗannan makin ne da abinci shi kaɗai a cikin da ba komai, mu kuwa tuwo da miya da mai muke ci. Jadawali hasashe yake ba ka. Na'urar awon suga ce ke faɗa maka abin da ya faru a jikinka. Ka auna kafin ka fara ci, ka sake bayan awa biyu. Ga yawancin manya masu ciwon suga, abin da ake nema kada ya haura 180, ko 10 in na'urarka mai ƙananan lambobi ce. In abinci ɗaya ya haura da kai sau biyu ko uku, rage yawansa ka sake aunawa.

A ƙarshe, ga gargaɗi guda. Mai yin allurar insulin, ko mai shan ƙwayar gilibenkilamaid, kada ya zabge sitacinsa rana ɗaya bai gaya wa likitansa ba, domin suga na iya faɗuwa ƙasa, sai gumi da rawar jiki da jiri, wani lokaci har suma. A daidaita magani da abincin tare a asibiti.