Moto ya ƙone: kafin a yanke wayar, a duba inda ta yi baƙi

Duk wanda ya taɓa zama a gidan niƙa ko wurin casar shinkafa ya san warin nan. Injin yana cikin aiki sai ƙararsa ta canza, ya fara gurnani, sannan wani ƙauri mai hawa kai ya cika ɗakin. Kafin a kai hannu a kashe wuta, moton da ke jan bel ya riga ya tafi. Daga nan tambaya ɗaya ce a bakin mai injin: a kai wa mai naɗin koyil, ko a shiga kasuwa a sayo wani?

Ni a ganina an yi gaggawar wannan tambaya. Akwai wadda ta riga ta, wato me ya ƙone shi? Amsar tana cikin ƙonannen koyil ɗin, kuma takan ɓace a ranar farko, domin da zarar an sauke moto a shago yaran shago za su sa kurfi da guduma su sare wayar, a tara ta gefe a sayar a kilo.

Abin da ke ƙonewa a moto ba jan ƙarfen wayar ba ne. Kowace waya tana da wani siririn shafe a jikinta wanda ke hana ta haɗuwa da 'yar'uwarta, ga kuma takarda da fanish da ke raba ta da ƙarfen moton. Waɗannan ne zafi ke ci. A farantin da ke manne a jikin moto za ka ga harafin B ko F ko H. Harafin B na nufin rufin wayar yana jure zafi har digiri 130, F digiri 155, H kuma 180. Masu sana'ar suna da wani ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 a kan iyakar yana raba kwanan koyil biyu. Saboda haka moton da ya ƙone ranar Talata wataƙila tun da damina yake dahuwa a hankali.

Mu ɗauki moto mai ƙarfin doki 10, wato kilowat 7.5, mai layi uku, irin wanda ke jan injin niƙan masara. A wutar bolt 400 yana shan kusan amfiya 15 idan ya ɗauki cikakken kaya. An buɗe murfinsa, sai ga koyil ƙungiya 12 a jere a kewaye. Ɗaya ta yi baƙi ƙirin, biyu na kusa da ita suna nan da jansu kamar yau aka naɗa, sai wata baƙa, sai biyu masu kyau, haka har zagaye ya cika. Huɗu sun ƙone, takwas ba abin da ya same su.

Wanda ya san aiki ba ya buƙatar a ba shi labari. Layi ɗaya daga cikin ukun ne ya ɗauke alhali moton yana gudu. Moto mai layi uku idan yana tsaye aka ba shi layi biyu ba zai tashi ba, sai dai ya yi ta gurnani. Amma idan yana cikin gudu layin ya yanke, ci gaba zai yi da juyawa, kuma nan ne haɗarin yake, domin mai niƙa yana ganin gari na zuba, bai san komai ba. Kayan da layi uku ke ɗauka ya koma kan biyu, abin da kowanne ke ja ya tashi daga amfiya 15 zuwa wajen 26 ko fiye.

To me ya sa kashi ɗaya cikin uku kaɗai ya ƙone? Wannan moton haɗinsa delta ne, wanda ake nuna shi da alamar Δ a faranti. A irin wannan haɗi, idan layi ɗaya ya tafi, sashe ɗaya na koyil yana zama shi kaɗai tsakanin layuka biyun da suka rage, sauran sassa biyu kuma su bi juna a jere. Wutar sai ta rabu, kashi biyu cikin uku ta bi ta sashen da ke shi kaɗai. A da amfiya 9 ba kaɗan yake ɗauka, yanzu ya koma ɗaukar 17. Wuta ta ninka sau biyu, zafi kuwa sau huɗu yake ninkawa. Sauran biyun suna ɗaukar kusan abin da suka saba, shi ya sa suka fita lafiya. Da a ce haɗin sita ne, mai alamar Y, da akasin haka za a gani: kashi biyu sun ƙone, ɗaya ya tsira, domin shi wanda layinsa ya yanke babu wutar da ta bi ta cikinsa.

Abin da wannan ke nufi ga mai injin shi ne moton ba shi da laifi. Laifin yana bango, ko a kan falwaya. Ko fis ɗaya ya tsinke, ko baki ɗaya na kontakta ya cinye, ko wata waya ta saki a canjin da ke tsakanin wutar gari da janareta. Akwai kuma abin da ya kamata ya tsayar da moton kafin ya dahu, wato obalod. Sau da yawa idan aka buɗe akwatin za a tarar an murɗa shi zuwa ƙarshe, ko an tsallake shi da guntun waya, wai yana yawan katse aiki ana tsakiyar ciniki. Idan aka naɗa moton, ko ma aka sayo sabo fil a kwali, aka mayar da shi kan wannan akwati, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Bayan 'yan makonni za a sake jin ƙaurin, a ce mai naɗi bai iya aiki ba.

Sauran alamomin ba su da wuyar ganewa idan an fahimci wannan. In koyil ɗin gaba ɗaya ya yi duhu bai-ɗaya, takarda ta bushe tana farfashewa a hannu, to zafi ne ya game ko'ina: an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, ko an canza fuli don injin ya ƙara gudu, ko wuta tana zuwa da rauni, ko kuma fankar baya ta karye, ko ƙurar gari ta toshe murfinta. In duka sassan sun yi duhu amma wani ya fi wani sosai, layukan ne ba su daidaita ba, abin da ake yawan gani a unguwar da aka jibga gidaje a kan layi ɗaya na tiransifoma. In kuwa koyil yana da kyau ko'ina sai wuri ɗaya tak da ya fashe, har ka ga jan ƙarfe ya narke ya yi 'yan ƙwallaye, to waya ce ta haɗu da waya, ko ta taɓa ƙarfe a bakin rami. Wannan yakan fito daga danshi, ko girgiza da ta goge shafen wayar, ko tsawa, ko kuma hannun wanda ya yi naɗin baya. A ƙananan motoci masu layi ɗaya, irin na famfon ruwa a gida, idan siririyar wayar tashi ce kaɗai ta ƙone, a tuhumi kafasita ko makunnin da ya kamata ya cire ta bayan moto ya ɗauki gudu.

Sai an gama wannan karatu ne ake zuwa ga batun naɗi ko saye, kuma a nan ma ba wayar ce ke yanke hukunci ba. Ƙarfen da wayar ke kwance a ciki shi ne abin dubawa. Wannan ƙarfe ba dunƙule ba ne, siraran faranti ne aka jera, kowanne da shafen da ke raba shi da na kusa da shi. Idan boris ya mutu har rota ta riƙa gogar ciki, ko fashewar waya ta narkar da haƙoran ramin, farantan sun manne da juna, kuma wurin zai riƙa zafi ko da wace irin waya aka sa. Irin wannan moto ya gama yayi. Mai naɗi na kirki yana gwada ƙarfen kafin ya karɓi kuɗi: ya zagaya waya ta cikin ramin tsakiya, ya ba ta wuta na ɗan lokaci, ya bi da hannu yana neman inda ya fi sauran zafi.

Abin takaici, sau da yawa a shagon ne ake lalata ƙarfen. Don tsohuwar waya ta fita da sauƙi sai a cinna wa moton wuta da itace ko tsohuwar taya, ko a sa masa wutar walda. A 2003 ƙungiyoyin masu gyaran moto biyu, EASA ta Amurka da AEMT ta Birtaniya, sun fitar da sakamakon gwajin da ya nuna cewa naɗin da aka yi bisa ƙa'ida ba ya rage wa moto inganci. Daga cikin ƙa'idojin akwai cewa zafin da za a gasa ƙarfen da shi kada ya wuce wajen digiri 370. Wutar taya ba ta da ma'auni.

Sai kuma waya. Dole a ƙirga zagayen tsohon koyil, a auna kaurin wayar, a mayar da su yadda suke. In aka rage kauri don a yi tsimi, waya za ta riƙa zafi. In aka rage zagaye don ramin ya ɗauka cikin sauƙi, moto zai riƙa shan wuta da yawa ko babu kaya a kansa. Ga kuma wayar alminiyom da ake yi wa shafe ta yi kama da jan ƙarfe, alhali wajen kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka take iya ɗauka. A kankare bakinta da reza: in ciki fari ne, an gane ta. Wannan gwajin, a gaskiya, har sabon moto mai araha yana bukatarsa.

Kuɗin mummunan naɗi ba a ranar biya yake ƙarewa ba. A ce moton namu ingancinsa ya sauka daga kashi 88 zuwa 86. Zai riƙa jan ƙarin kusan wat 200. In yana aiki awa 8 a rana, kwana 300 a shekara, ƙarin ya kai wajen yunit 480, kuma wanda ke kan janareta da dizal zai biya shi. Shi ya sa moton da aka riga aka naɗa sau biyu ko uku a wuta, ko ƙarami wanda kuɗin naɗinsa ya haura rabin kuɗin sabo mai kyau, gara a canza shi. Babban moto kuwa, ko tsoho mai nauyi da ƙarfensa ke lafiya, ko wanda ba a samun mai irin ƙafarsa da sandarsa a kasuwa, naɗi ya fi.

Moton namu na gidan niƙa yana cikin waɗanda suka cancanci naɗi: ƙarfensa bai taɓu ba, rota ba ta goga ba. A naɗa shi da takarda da fanish na ajin F, a gasa shi ya bushe, a sa sabon boris. Kafin a ɗauke shi daga shago a sa mega mai bolt 500 tsakanin koyil da jikin moto, sabon naɗi ya kamata ya nuna megom masu yawa, ƙasa da 5 kuwa kada a karɓa. A tayar da shi ba kaya, a auna layukan uku, su zo kusan daidai da juna. A gida kuma a canza kontakta, a mayar da obalod kan adadin amfiyar da ke rubuce a faranti, a ƙara 'yar na'urar nan da ke kashe moto da zarar layi ɗaya ya ɗauke, wadda kuɗinta bai kai ko kusa da na naɗi ɗaya ba.