Yadda ungozoma za ta mayar da aikin ɗakin haihuwa fostar da za a tsaya a karanta a taro

A zauren taron ma'aikatan lafiya, fostoci kan jeru a jikin alluna, mahalarta kuma su bi ta gabansu a lokacin hutun shan shayi. Mai wucewa ba ya karanta fosta daga sama har ƙasa. Yakan kalli kanta ne kawai, idan bai ga abin da zai riƙe shi ba ya yi gaba.

Wannan babban ƙalubale ne ga ma'aikatan jinya da ungozomomi na asibitocin arewacin Kano, kamar na Ɗambatta da Bichi, inda ƙauyuka ke manne da juna kuma ɗakin haihuwa ɗaya ke karɓar mata daga garuruwa da dama. Sukan yi gyare-gyare masu amfani a ɗakunansu, amma idan aka zo nuna aikin a taron ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa, NANNM, ko wani taron ilimi, sai a kwafe rahoton shafi goma a cusa shi cikin takarda ɗaya.

Dabarar ita ce a gina fostar gaba ɗaya a kan jimla guda, kuma jimlar kada ta faɗi fiye da abin da rejistar ɗakin ta nuna.

Aikin da za mu yi misali da shi

A watan Mayun 2023 aka wallafa sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya.

Maimakon a ƙiyasta jinin da mai haihuwa ta zubar da ido, sai a shimfiɗa mata wata leda mai ma'auni da ke tara jinin. Da an ga ya yi yawa, sai a haɗa mata matakan magani a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. A asibitocin da suka bi wannan tsari an gano kusan kashi 93 cikin 100 na masu zubar jini, a sauran kuwa kusan kashi 51.

To, mu ɗauka wata ungozoma a wani babban asibiti a wannan yanki ta shawo kan abokan aikinta suka fara auna jini da irin wannan leda. Alƙaluman da ke biye na misali ne kawai. A wata uku kafin fara awo, mata 300 suka haihu, aka rubuta 9 a matsayin waɗanda suka zubar da jinin da ya kai mililita 500, wato ma'aunin da ake kira zubar jini bayan haihuwa. A wata uku bayan farawa, mata 310 suka haihu, aka rubuta 28.

Kan fosta: a nan ake ci ko a faɗi

Abin da aka saba rubutawa shi ne irin su "Nazari kan tasirin amfani da leda mai ma'auni a ɗakin haihuwa". Wannan ya faɗi batun, amma bai faɗi abin da aka samu ba, don haka mai wucewa bai ƙaru da komai ba.

Akwai kuma kurakurai biyu da suka fi wannan haɗari. Na farko shi ne a rubuta cewa zubar jini ya ƙaru daga kashi 3 zuwa kashi 9. Duk wanda ya karanta zai ɗauka ɗakin ya lalace, alhali ƙaruwar ta fi kama da alamar cewa an fara ganin matan da a da ido ke tsallakewa. Na biyu shi ne a rubuta cewa aikin ya rage mutuwar mata. Haihuwa 610 a ɗaki ɗaya ba ta isa ta tabbatar da haka ba, kuma likitan farko da ya tsaya zai tambayi hujja.

Kan da ya dace shi ne: "Bayan fara auna jini da leda, gano masu zubar jini ya tashi daga 9 cikin 300 zuwa 28 cikin 310". Kalmar "gano" ita ce ta ɗauki nauyin gaskiyar, kalmar "bayan" kuma ta nuna jerin lokaci ba tare da iƙirarin cewa ledar ce kaɗai sanadi ba.

Galibin tarukan nan da Turanci ake rubuta fosta. Duk da haka, yana da kyau a fara faɗin jimlar da Hausa ga wata abokiyar aiki daga wani ɗakin daban. Idan ta iya maimaita ta ba tare da tuntuɓe ba, sai a juya ta. Idan ta ce "me kike nufi?", to ba a kai ga jimlar ba tukuna.

Girman takarda kafin komai

Kafin a buga harafi ko ɗaya, a duba takardar gayyatar taron a ga girman da aka yarda da shi, da kuma ko a tsaye ake so ko a kwance. Wanda aka fi nema shi ne A0, mai faɗin santimita 84.1 da tsawon 118.9.

A manhajar PowerPoint, a shiga Design, sai Slide Size, sai Custom Slide Size, a rubuta waɗannan lambobi. Wanda ya tsara aikinsa a ƙaramin shafin da manhajar ke buɗewa da shi, ya bar wa mai bugawa ya faɗaɗa, zai karɓi rubutu a miƙe da hotuna dishi-dishi.

Kan fostar ya mamaye saman takardar daga gefe zuwa gefe, da haruffa masu girman 80 ko fiye, sunayen waɗanda suka yi aikin da na asibiti a ƙarƙashinsa. Sauran filin a raba shi gida biyu idan fostar a tsaye take, gida uku idan a kwance take. Rubutun ciki kada ya gaza girman 28, kuma salon harafi ɗaya mara ado, kamar Arial, ya wadatar.

Abin da zai shiga kowane gida

Gidan farko na matsala ne, jimla biyu ko uku: da ido ake ƙiyasta jini a ɗakin, kuma ƙiyasin ido yakan gaza abin da aka zubar. Ba a buƙatar tarihin mutuwar mata a duniya, domin mutanen zauren sun san shi.

Sai abin da aka yi, a jere da lamba: ungozomomi nawa aka horar, a wace rana aka fara, wa ke karanta ma'aunin, kuma a wane littafi ake rubutawa. A nan ne wata ungozoma daga Kunchi ko Tsanyawa za ta gane ko za ta iya yin irinsa a nata ɗakin, don haka a faɗi inda aka samo ledar da abin da aka yi ranar da ta ƙare.

Sakamako shi ne zai ci fili mafi girma, a daidai tsayin idon mai tsaye. Zane ɗaya ya isa: ginshiƙai shida, ɗaya ga kowane wata, da layin da ke nuna inda aka fara awo. A rubuta adadin a kan kowane ginshiƙi, misali 10 cikin 104, domin kaso shi kaɗai yana ɓoye ƙanƙantar lamba. Ma'aunin gefen zanen ya fara daga sifiri, in ba haka ba ɗan bambanci zai yi kama da tsauni. Watannin baya su zama ruwan toka, na bayan awo su zama shuɗi mai duhu. A guji haɗa ja da kore, saboda akwai masu matsalar ido da ba sa bambance su.

Gida na ƙarshe na iyakokin aikin ne da matakin gaba. A wannan yanki lokacin shekara yana da tasiri: damina na zuwa da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, hanyoyin ƙauye su lalace, mata su iso a makare. Idan watannin farko na rani ne, na biyun kuma na damina, to a rubuta haka a fili. Wanda ya faɗi raunin aikinsa da bakinsa ya fi samun amincewar masu tantancewa a kan wanda aka tono masa.

Duka rubutun kada ya wuce kalma 300 zuwa 400. Filin da aka bari fari ba asara ba ne, shi ne ke ba ido hanya.

Sirrin majinyata

A garin da kowa ya san kowa, rufe idon mace da baƙin layi a hoto ba ya ɓoye ta. Zanenta, ko ranar haihuwa haɗe da sunan ƙauye, sun isa a gane ta. Fostar kuma ba a zaure za ta tsaya ba, wani zai ɗauke ta a waya ya tura a zaurukan WhatsApp.

Saboda haka hoton ledar a kan gadon da babu kowa ya wadatar. Kada a ɗauki hoton shafin rejista, domin sunaye da lambobin kati na fitowa idan aka zuƙo. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Haka kuma a nemi izinin shugabannin asibiti a rubuce kafin a fitar da alƙaluman ɗakin, a tambayi ko aikin na buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, sannan a ambaci izinin a ƙasan fostar.

Gwaji kafin a biya kuɗin bugu

A fara buga fostar a takardar A4 ta ofis. Tsawonta da faɗinta rubu'in na A0 ne, don haka harafi mai girman 28 zai koma 7. Duk layin da bai karantu ba a wannan takarda idan an riƙe ta a hannu, ba zai karantu ba a zaure. A nan ne kuma za a sake lissafa kowane kaso da rejista a buɗe, domin lambar da ke kan fostar dole ta yi daidai da ta cikin zanen.

A adana aikin a matsayin PDF, a tura wa mai bugawa ta zaɓin Document na WhatsApp, saboda tura shi a matsayin hoto na rage ingancinsa. Masu buga fileks a Kano da ƙafa suke awo, kuma ƙafa uku da huɗu ya ɗan zarce A0. A gaya masa ya bar farin gefe, kada ya ja zanen don ya cike ledar. Idan akwai takarda mara sheƙi ta fi, domin fileks na ƙyalli a ƙarƙashin fitila. A naɗe fostar, kada a ninke ta, musamman idan a motar haya za a shigo da ita birni.

Ranar taro, mai fostar ta tsaya a gefenta da bayanin minti ɗaya: abin da ake yi a da, abin da aka canza, abin da aka gani. Tambayar da za ta fi fuskanta ita ce me aka yi wa matan nan 28 bayan an gano su. Ta tafi da amsar a hannu: nawa aka yi wa ƙarin jini, nawa aka tura wani asibiti, kuma nawa suka samu cikakken magani a kan lokaci.