Shafi goma a kan tabarma: yadda ake tsara hotunan wayar da kai game da gudawar yara

A shekarar 1980 ƙungiyar BRAC ta ƙasar Bangladash ta soma aika mata gida-gida domin koya wa iyaye yadda za su haɗa ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta kama yaro. Yawancin iyayen ba sa karatu, don haka masu koyarwar suka riƙe hotuna da baki da kuma kwanon da ke cikin gidan. Cikin shekara goma suka shiga gidaje fiye da miliyan goma. Abin da ya bambanta aikin shi ne yadda ake auna shi: bayan wasu makonni wani ma'aikaci daban yakan koma wasu daga cikin gidajen, ya ce uwa ta haɗa ruwan a gabansa, a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji. Ladan mai koyarwa ya dogara da yadda uwar ta iya haɗin.

Wannan ma'aunin ne ya kamata duk mai shirya kundin hotunan wayar da kai ya sa a gabansa, ko a Dambatta yake ko a Tasawa. Kundin yana iya zama na takarda mai kauri da ake juyawa shafi bayan shafi, ko wanda aka shirya a PowerPoint ana nunawa a waya ko majigi. Na takarda ya fi dacewa da zaure da tsakar gida, domin ba ya jiran wuta, kuma hasken rana ba ya dusashe shi. Girman takardar A3 ya isa mata goma sha biyar da ke zaune kan tabarma su gani ba tare da sun miƙe ba.

Dokar farko ita ce shafi ɗaya, aiki ɗaya. Rubutun gaban shafi kada ya wuce kalma uku zuwa biyar. Bayanin da mai gabatarwa za ta yi ana buga shi a bayan kundin, ta gefen da ke fuskantarta, ta yadda za ta riƙa dubawa alhali hoton yana kallon jama'a. A kan gudawar yara, shafi goma sun wadatar, kuma ana iya gama su cikin minti ashirin zuwa talatin.

Shafin farko ba ya koyar da komai, tambaya yake buɗewa. Uwa ce zaune a tsakar gida, ga murhu, ga randa, yaro kwance a cinyarta jikinsa a sake. Mai gabatarwa ta ce, "Me kuka gani a nan?" sai ta yi shiru. A nan ne wata za ta ce ai haƙori yake fitarwa, wata ta ce nono ne ya ɓaci. Ba a so a katse su, domin waɗannan amsoshi su ne ke nuna inda za a ƙara nauyi a gaba. Shafi na biyu ya fayyace abin da ake kira gudawa a asibiti, wato bayan gida mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a rana ɗaya, kuma fo uku a jere ƙarƙashin rana ɗaya sun isa su faɗi haka. Na uku ya nuna abin da ke kashe yaron, wato ƙarewar ruwan jiki: fuskar yaro guda sau biyu, ɗaya da lafiya, ɗaya idanu sun zurma, leɓe ya bushe, maɗiga ta faɗa. Maɗigar tana bukatar kulawa ta musamman, saboda a gidaje da yawa ana ɗaukar faɗawarta a matsayin ciwo mai zaman kansa, a shafa magani a ka, alhali a yaro mai gudawa alama ce cewa ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa.

Shafi na huɗu da na biyar su ne zuciyar kundin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ƙunshin garin da aka rubuta wa ORS, wanda ake samu a asibiti da kemis, galibi na lita ɗaya ne, ko da yake akwai ƙanana, don haka mai zane ya fara duba wanda ake rabawa a yankin. Kalmar lita ba ta da amfani ga wadda ba ta da abin awo. Abin da za a zana shi ne abin da ke hannunta: ledar fiya wata biyu masu rabin lita kowace, ko tafasasshen ruwan da ya huce a cikin gorar da kowa ya san girmanta. Hannu ya zazzage garin gaba ɗaya, ledar ta koma fanko a gefe, cokali yana juyawa. Dole fankon ledar ya fito sarai, domin wasu iyaye kan tsakura kaɗan su ɗaure sauran don gobe, wasu kuma su juye duka a ƙaramin kofi da tunanin zai fi ƙarfi. Na farko ruwan ba ya aiki yadda ake so. Na biyu ya fi haɗari, domin gishirin da ya yi yawa yana ƙara janye ruwa daga jikin yaro, har yana iya kai shi ga jijjiga.

A daidai nan ake ajiye kundin, a ɗauko kwano da ruwa, wata daga cikin matan ta haɗa da hannunta, sauran suna kallo suna gyara mata. Kundin da ba a ware wa wannan lokaci a cikinsa ba ya gaza tun daga tsari.

Shafi na biyar na shayarwa ne. Yaron da bai kai shekara biyu ba ana ba shi kwata zuwa rabin babban kofi, wato mililita 50 zuwa 100, bayan kowace fita, da cokali, kaɗan-kaɗan. Daga shekara biyu zuwa goma rabin kofi ne zuwa cikakke. Idan ya yi amai a dakata minti goma, sannan a ci gaba a hankali. Abin da ya rage bayan awa 24 zubarwa ake yi a haɗa sabo. Zana agogo a nan ɓata wuri ne. Fitowar rana sau biyu, ta biyun da hannu yana kifar da kwano, ta fi isar da saƙon, mai gabatarwa kuma ta ƙara da baki: wanda aka haɗa da asubar yau ba ya wuce asubar gobe.

Ƙwayar zinki ke da shafi na shida. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa haɗa ta da ruwan, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba kuma rabin ƙwaya. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma rage yiwuwar dawowarsa a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Matsalarta ɗaya ce: gudawa ta tsaya a kwana na uku, uwa ta ajiye sauran. Saboda haka ake zana rana goma, kowace da ƙwaya ƙarƙashinta, yaron ya miƙe yana wasa tun daga rana ta huɗu amma ƙwayoyin ba su yanke ba. Shafi na bakwai uwa ce tana ba da nono, ga kwanon kunu da faten wake a gefe, don kawar da tunanin cewa hana abinci yana hutar da ciki.

Na takwas shi kaɗai ke da jan launi a gefensa, domin na alamomin haɗari ne: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, jini a bayan gida, jiki ya mutu ba ya farkawa sosai, ko fatar ciki da aka tsunkula ta ƙi komawa da sauri. Na tara ya nuna abin yi, uwa da goyo a bayan babur, mijinta ko ɗan'uwanta yana tuƙi, gorar ruwan a hannunta tana ci gaba da ba shi a hanya. Sanya namiji a wannan hoto ba ado ba ne, domin a gidaje da yawa izini da kuɗin mota a hannunsa suke. Na goma ya rufe da rigakafi: wanke hannu da sabulu, rufe randa, da allurar jarirai, wadda a Najeriya tun 2022 ta haɗa da ɗigon baki na cutar rota, babbar mai kawo gudawa ga ƙananan yara.

Sai dai hoto ma karatu ne, kuma ba kowa aka koya wa ba. Wani bincike da UNICEF ta yi da haɗin gwiwa a ƙauyukan Nefal a 1976 ya gano cewa mutanen da ba su saba da littafi ba sun fi gane zanen mutum cikakke mai inuwa a kan zanen ƙashi-da-rai, kuma alamu irin su kibiya da giciyen hani ba sa faɗa musu abin da mai zane ya nufa. Darasin yana aiki a nan. Idan aka zana uwa tana ɗura wa yaro filajil aka ja jan giciye a kai, akwai wadda za ta fita da cewa an nuna mata maganin gudawa. Abin da ya fi aminci shi ne a zana daidai kawai, hani kuma a bar wa baki. Ƙuda da aka kambama har ya cika shafi shi ma yana iya zama wani ƙwaro da ba a taɓa gani ba, gara a bar shi da girmansa a bakin kwano. Haka jerin ƙananan hotuna uku a layi: wadda ta yi makarantar allo idonta ya saba farawa daga dama, sai ta karanta matakan a juye. Jera su daga sama zuwa ƙasa yana magance wannan, kuma idan za a sa 'yan kalmomi, a sa boko da ajami tare.

Babu mai gano waɗannan kurakurai daga ofis. Kafin a kai wa maɗaba'a, ana ɗaukar zanen farko a nuna wa mata goma zuwa ashirin irin waɗanda aka yi dominsu, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da bayani ba. Tambayoyin uku ne: me kika gani, me take yi, me ake so ki yi? Ba a tambayar ko ya yi kyau, saboda kara za ta sa a ce madalla. Idan mata uku cikin goma suka ce uwar shafi na huɗu koko take damawa, laifin na zanen ne, sai a fito da ledar garin sosai, a sake gwadawa da wasu matan daban. Kayan jikin ma abin dubawa ne: atamfa da hijabi irin na garin, randa da buta irin nasu, ba kicin mai famfo ba.

Duk jami'in da za a kawo wa irin wannan kundi ya sa hannu, ya nemi ganin sakamakon gwajin kafin ya duba kyan launi. Bayan an fara amfani da shi kuma, a koma gida goma bayan mako biyu da ƙunshin gari da ruwa, a miƙa wa uwa, a tsaya a ga abin da za ta haɗa.