Yadda ake mayar da saƙonnin kuɗi na wayar salula zuwa littafin lissafi

'Yan kasuwa da dama na amfani da saƙonnin da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta wayar salula ke aiko musu a matsayin shaidar ciniki. To amma tarin saƙonni ba ya nuna ko kuɗi sun cika, har sai an jera su a littafi mai gurbin kwanan wata, da na adadin kuɗi, da kuma na ragowar da ke cikin asusu.

Wannan hanya ta aika kuɗi dai ta yi fice ne a Kenya, inda kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa a shekara ta 2007, kafin MTN ya fara irin nasa a Ghana a 2009. A yau ana amfani da ire-irenta a kasuwannin Najeriya da Nijar.

Abin da saƙo ke ɗauke da shi

Lafazin saƙonnin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma galibi sukan zo da abubuwa biyar: shiga ce ko fita, adadin kuɗin, lokaci, lambar shaidar cinikin, da ragowar kuɗin bayan an kammala. Ga misalin irin abin da ake gani idan an kwafo saƙo:

```
Credit: NGN45,000.00
Date: 03/02/2026 09:15
Bal: NGN165,000.00
```

Kowane saƙo layi ɗaya yake samu a littafin. Ana ware gurbi daban ga kuɗin da suka shigo, wani ga waɗanda suka fita, wani kuma ga ladan kamfani da haraji.

Gurbin ragowa kuwa biyu ake yi. Na farko shi ne abin da mai littafin ya lissafa da kansa, na biyu kuma abin da saƙon ya ce. Amfanin aikin gaba ɗaya yana cikin kwatanta waɗannan biyun ne, layi bayan layi.

Ƙa'idar ita ce: a ɗauki ragowar layin sama, a haɗa da abin da ya shigo, a ɗebe abin da ya fita da kuma ladan da aka cire. Abin da aka samu dole ne ya yi daidai da ragowar da ke cikin saƙo.

Misali daga kasuwar hatsi

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Dawanau da ke Kano ya wayi gari da naira 120,000 a asusunsa. Da safe aka turo masa 45,000, saƙo ya nuna ragowar 165,000. Lissafi ya yi daidai.

Da hantsi ya tura wa wani dillali 30,000. A lissafinsa ya kamata a samu 135,000, amma saƙon ya nuna 134,930, wato akwai giɓin naira 70.

Ƙaramin giɓi irin wannan, musamman bayan fitar kuɗi, yawanci lada ne ko haraji da ba a ambata a cikin saƙon ba. A Najeriya ana cire naira 50 a kan tura kuɗin da suka kai 10,000 zuwa sama, kuma tun daga watan Janairun 2026 mai turawa ne ke biya, maimakon mai karɓa. A wannan misali sauran naira 20 ɗin ladan kamfani ne. Sai a rubuta 70 a gurbin lada, lissafi ya koma daidai.

Bayan azahar wani mai saye ya ce ya turo 18,000, saƙo kuma ya shigo wayar ɗan kasuwar. Da la'asar wani ya turo 8,000, saƙonsa ya nuna ragowar 142,930.

Da a ce kuɗin nan 18,000 sun shiga, da ragowar ta zama 160,930. Tun da giɓin ya yi daidai da adadin ciniki guda, ke nan kuɗin ba su shiga asusun ba. Mai yiwuwa saƙon na bogi ne, mai yiwuwa kuma kuɗin sun maƙale ne aka mayar wa mai su.

Littafin ba zai iya bambance tsakanin biyun ba. Don haka kafin a zargi wani, sai a nemi cikakken bayanin asusu daga kamfanin, a duba ko lambar shaidar cinikin tana ciki.

Girman giɓi na nuna irin kuskuren

Idan giɓin ya ninka adadin wani ciniki sau biyu, to an sa kuɗin a gurbin da ba nasu ba. Naira 8,000 da suka shigo, idan aka rubuta su a gurbin fita, giɓin 16,000 za su haifar.

Idan kuma giɓin na rabuwa da tara ba saura, sau da yawa an juya alƙaluma ne wajen kwafa. Rubuta 54,000 a maimakon 45,000 na barin giɓin 9,000.

Haka nan saƙonni ba lallai su iso a jere ba, domin idan layin sadarwa ya yi rauni, saƙon safe na iya isowa da dare. Saboda haka da lokacin da ke rubuce a cikin saƙon ake jerawa, ba da lokacin da ya shigo waya ba. Idan saƙonni biyu suka zo da lambar shaida ɗaya, ɗaya kawai ake shigarwa.

Ga masu amfani da kwamfuta

Ana iya yin wannan duka da biro da littafi. Masu amfani da Excel kuwa, idan shiga na gurbin C, fita na D, lada na E, ragowar lissafi na F, ta saƙo kuma na G, sukan rubuta waɗannan a layi na uku, na farko a F, na biyu a H, sannan su ja su ƙasa:

```
=F2+C3-D3-E3
=F3-G3
```

Layin farko da gurbin H bai nuna sifili ba, daga nan matsalar ta faro.

To sai dai kuma kwafe saƙo kai tsaye na da tarko biyu. Na farko, adadin da aka manna tare da haruffan NGN kwamfuta na ɗaukarsa a matsayin rubutu, don haka `SUM` kan tsallake shi ba tare da wani gargaɗi ba. Alamar hakan ita ce adadin ya jingina a hagun gurbi maimakon dama. Maganinsa shi ne a goge haruffan, a bar alƙaluma zalla.

Na biyu shi ne kwanan wata. Abin da aka rubuta 03/02/2026 na nufin 3 ga Fabrairu a Najeriya, amma kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka za ta karanta shi a matsayin 2 ga Maris, lamarin da zai hargitsa jerin. Fara rubuta shekara, wato 2026-02-03, na kawar da wannan ruɗani.

Littafin da aka gina daga saƙonni dai na bayyana abin da ya bi ta asusun ne kawai. Tsabar kuɗin da aka karɓa hannu da hannu, da bashin da ake bin abokan ciniki, suna bukatar shafinsu daban.