Tambayoyi Goma Na Iya Auna Zuciyar Mutum?

A shekarar 1965 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka mai suna Morris Rosenberg ya fitar da jimloli goma don auna yadda mutum yake ganin darajar kansa. Ya gwada su a kan ɗaliban sakandare 5,024 daga makarantu goma na jihar New York. Kowace jimla tana da amsoshi huɗu, daga cikakkiyar yarda zuwa cikakkiyar ƙi, sannan a tara maki. Biyar suna faɗin alheri game da mai amsa, biyar kuma akasin haka, don haka ake juya makinsu kafin a haɗa. Har yau ana amfani da wannan ma'auni a binciken jami'o'i, kuma duk wanda ya ci karo da shi a wata takarda yana da tambayoyi biyu da zai yi mata.

Ta farko ita ce: ma'aunin yana tsayawa kan magana ɗaya? Idan aka ba mutane tambayoyin yau, aka sake ba su bayan mako biyu, ya kamata makinsu ya zo kusa da juna. Amma yawancin masu bincike ba sa komawa karo na biyu. Abin da suke kawowa shi ne wata lamba da ake kira alfa, wadda Lee Cronbach ya yi bayaninta a 1951. Tana nuna yadda amsoshin jimlolin suke tafiya tare, kuma iyakarta 1. An saba karɓar 0.70 zuwa sama.

A nan ne ake yawan ruɗar mai karatu, domin alfa tana hawa da yawan tambayoyi. A ce dangantakar da ke tsakanin kowace jimla da 'yar'uwarta 0.2 ce kacal, wato mai rauni. Da jimloli goma, alfa za ta kai wajen 0.71. Idan aka mayar da su talatin masu irin wannan rauni, sai ta haura zuwa 0.88, alhali babu jimla ko ɗaya da ta ƙara kyau. Haka kuma idan ta zarce 0.95, sau da yawa tambaya ɗaya ce ake ta maimaitawa da kalmomi daban-daban.

Wani abin da ya fi wannan damuwa shi ne aron lamba. Marubuci zai ce ma'aunin amintacce ne domin wani ya samu alfa mai kyau a Amurka, bai lissafa tasa daga amsoshin mutanensa ba. Binciken David Schmitt da Jüri Allik na 2005 ya nuna haɗarin haka. Sun kai ma'aunin Rosenberg ƙasashe 53 cikin harsuna 28, wajen mutane kusan 17,000. A Birtaniya alfa ta kai 0.90, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kuwa 0.45 aka samu, da waɗannan jimloli goma. Sun kuma lura cewa jimlolin da aka juya su ne mutane suka fi fahimta ta fuskoki mabambanta.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi: abin da aka ce ana aunawa, shi ake aunawa? Mudun da aka lotsa gindinsa kullum awo ɗaya yake bayarwa, kuma kullum a tauye. Alfa ba ta iya gano irin wannan aibi.

Jimla ta takwas ta Rosenberg misali ce mai kyau. Tana nuna mai amsa yana fatan ya ƙara girmama kansa. Wanda ya rubuta ta ya ɗauka cewa mai yarda da ita darajar kansa ce ta yi ƙasa. Amma a ƙasashe da dama, ciki har da China, masu ganin kimar kansu ma kan yarda da ita, domin sun ɗauke ta a matsayin buri mai kyau. Mai karatu zai gane irin wannan jimla idan takardar ta kawo jadawalin dangantakar kowace jimla da jimillar sauran: wadda ta faɗo ƙasa da 0.3, ko ta juya baya, abar tuhuma ce.

Idan an yi binciken a Kano ko Damagaram, akwai ƙarin abin dubawa. A inda ake cewa yabon kai jahilci ne, budurwar da ta ƙi yarda cewa tana da kyawawan halaye a gaban baƙon da ke karanta mata tambaya, ƙila kunya aka auna, aka rubuta ƙasƙanci. Takarda mai kyau za ta faɗi wanda ya fassara tambayoyin, ko wani dabam ya mayar da fassarar zuwa harshen asali aka kwatanta, da ko an fara zama da wasu 'yan mutane an ji yadda suka fahimci kowace jimla. Za ta kuma nuna cewa makin ya bi hanyar da ake tsammani: masu maki da yawa su kasance da ƙarancin alamun baƙin ciki mai tsanani idan an auna su da wani ma'auni dabam. Rosenberg da kansa ya yi irin wannan gwaji, inda ya kwatanta makin ɗalibansa da alamun damuwa da suka bayyana.